Wace Na'urar Sanin Hanya Za A Saya Wa Jirgi: GPS, INS Ko Haɗinsu?

Duk kamfani ko ƙungiyar da ke shirin sa wa ƙaramin jirginta na sama na'urar sanin hanya, domin zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Yamai, tambayar da ya kamata ta fara yi wa dillali ita ce: me na'urar za ta nuna wa matuƙi idan siginar tauraron ɗan'adam ta ɗauke a tsakiyar tafiya?

GPS kaɗai ya fi arha, kuma kuskurensa ƴan mitoci ne komai tsawon tafiya. Sai dai siginarsa na zuwa ne daga nisan kimanin kilomita 20,200, saboda haka tana isowa a raunane, ƙaramar na'urar toshe sigina ma tana iya danne ta. Yana buƙatar taurari 4 kafin ya fitar da wurin da jirgi yake, sannan tsarin RAIM, mai tantance ingancin siginar taurarin, yana buƙatar 5 don gane cewa ɗaya na ba da bayanin banza, 6 kuma don ware shi.

INS ba ya sauraron kowa daga waje. Yana auna juyawar jirgi da sauyin gudunsa, ya lissafo inda aka kai daga wurin tashi, amma kuskurensa taruwa yake yi kamar bashi. Mai aiki da hasken leza, irin na manyan jirage, yakan kauce da abin da bai wuce kilomita 4 ba a awa guda, kuma dole jirgi ya tsaya cak na wasu mintuna kafin tashi domin ya daidaita kansa.

A ɗauki jirgi mai gudun kilomita 270 a awa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 540 ne ta sama, wato awa 2. Idan GPS ya ɗauke bayan rabin awa, ga hazon hunturu ya rufe ƙasa, INS na leza zai iso da jirgin kusa da Yamai da kuskuren da bai wuce kilomita 6 ba, inda na'urorin rediyon filin jirgi za su karɓe shi. INS mai arha irin na MEMS kuwa, wato mai aiki da ƴan mitsi-mitsin na'urorin awo, zai ci gaba da nuna karkatar jirgi, amma lissafin wuri zai lalace cikin ƴan mintuna, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗuwa, domin duka biyun INS ake rubuta musu a takardar talla.

Shi ya sa na fi karkata ga haɗin GPS da INS, inda GPS ke goge kuskuren INS a kai a kai, INS kuma ya riƙe hanya idan sigina ta yanke, ya kuma taimaka wajen tona siginar bogi idan ta nuna jirgi ya yi tsallen da ba zai yiwu ba. Haɗin ma iri biyu ne. Na sama-sama yana jiran GPS ya gama lissafinsa, don haka ba ya samun gyara idan taurari suka gaza 4, na ciki-ciki kuwa yana amfani da awon kowane tauraro ko da 2 suka rage, kuma shi ya cancanci ƙarin kuɗin. Kafin a biya, a nemi dillali ya rubuta yawan kaucewar na'urar a awa guda ba tare da GPS ba, tare da shaidar amincewar hukumar sufurin sama ga wannan samfurin jirgin.