Sharhi a kan mahaɗin da ke sanya taro a kalandar mahalarta

A ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da nake yi wa sakatare muna da mambobi a Kano da Yamai da Kumasi da Jidda da Landan, kuma yawancin tarukanmu ta intanet muke yin su. Babbar damuwarmu ita ce lokaci, domin sanarwar da aka tura a WhatsApp takan nutse a cikin gaishe-gaishe, kuma wanda ya tuna da ranar ba lallai ne ya san ƙarfe nawa taron yake a agogon garinsu ba. Wannan ne ya sa na koma haɗa kowace sanarwa da mahaɗin da mutum zai latsa ya ajiye taron a kalandar wayarsa. Na gwada hanyoyi biyu da aka fi sani, wato mahaɗin Google Calendar da fayil mai ƙarewa da `.ics`, kuma ra'ayina shi ne cewa dabarar ta cancanci wahalar da ake sha wajen haɗa ta, sai dai tana da iyaka guda da ya kamata mai shirya taro ya sani tun kafin ya tura.

Mahaɗin Google Calendar adireshi ne da aka rubuta bayanin taron a jikinsa, kuma haɗa shi ba ya buƙatar rajista ko biyan kuɗi. Ga wanda na haɗa don taronmu na ranar Asabar, 14 ga Yunin 2025, daga ƙarfe 4:30 zuwa 6:00 na yamma agogon Najeriya:

```
https://calendar.google.com/calendar/render?action=TEMPLATE&text=Taron%20Mambobi&dates=20250614T153000Z/20250614T170000Z&location=Ta%20intanet
```

Abin da ke bayan `text` shi ne sunan taro, `dates` kuma lokacin farawa da na tashi, `location` wurin taro, kuma ana iya ƙara `details` don ajanda ko adireshin shiga taron. Ba a barin sarari tsakanin kalmomi, sai a sanya `%20` a madadinsa. Alamar `&` ita ce ke raba sassan adireshin, don haka idan ta shiga cikin sunan taro ba tare da an mayar da ita `%26` ba, duk abin da ya biyo bayanta zai ɓace daga sunan. Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna fita daidai idan an sauya su, misali ƙ tana zama `%C6%99`, ɗ kuma `%C9%97`.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne `dates`. Mai karatu zai lura cewa na rubuta `153000` alhali taron na 4:30 ne. Dalilin shi ne harafin `Z` da ke ƙarshe, wanda ke nufin an rubuta lokacin da agogon duniya na UTC, kuma Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Saboda haka 4:30 na yamma a Kano daidai yake da 3:30 a wancan agogo. Da zarar an rubuta shi haka, kalandar kowa ita za ta yi sauran lissafin: mambobinmu na Kumasi sun ga 3:30, na Yamai 4:30, na Jidda 6:30, na Landan kuma 4:30, saboda a watan Yuni Birtaniya tana kan agogon bazara. Da a Disamba aka yi taron, da na Landan 3:30 za su gani, kuma irin wannan sauyi ne yake rikita mutum idan da ka yake lissafi. A nan ne na fi ganin amfanin dabarar, domin tambayar “Malam Sakatare, mu a nan ƙarfe nawa ke nan?” ta ragu ƙwarai.

Wanda ba ya son yin ragin awa ɗaya yana iya cire `Z`, ya rubuta lokacin gida yadda yake, sannan ya ƙara `&ctz=Africa/Lagos` a ƙarshen adireshin. Abin da bai kamata ba shi ne a cire `Z` ba tare da an sanya `ctz` ba, domin a lokacin kalandar kowane mahalarci za ta ɗauki 4:30 a matsayin 4:30 na garinsa, sai na Jidda ya shigo awa biyu kafin kowa ya tarar da ɗaki babu mutane.

Akwai shafuka da dama da ke haɗa irin wannan mahaɗi kyauta, mutum ya cike guraben suna da rana da lokaci, su ba shi adireshin. Suna rage wahala, musamman wajen sauya haruffa, amma ba duka ne abin dogaro ba. Ɗaya daga cikin waɗanda na gwada ya karɓi 4:30 da na rubuta ya liƙa masa `Z` ba tare da ragin komai ba, ya ba ni `163000Z`, wanda a wayar mutumin Kano zai fito 5:30. Hanyar gane irin wannan kuskure mai sauƙi ce: mai shirya taro ya latsa mahaɗin a wayarsa kafin ya tura, ya dubi lokacin da ya bayyana, idan kuma da hali ya tura wa mutum ɗaya a wata ƙasa ya tambaye shi abin da ya gani. Bambancin awa ɗaya cif kusan kullum daga nan yake fitowa.

Batun da ake yi cewa latsawa sau ɗaya ta isa kuwa akwai ɗan gishiri a cikinsa. Abin da mahaɗin yake yi shi ne buɗe shafin sabon taro da aka riga aka cike, sannan dole mutum ya danna `Save` kafin ya shiga kalandarsa. Wasu daga cikin dattawanmu sun latsa, sun ga sunan taron ya bayyana, suka ɗauka an gama suka fita. Tun daga nan nake rubuta layi guda a ƙarƙashin mahaɗin cewa bayan ya buɗe a danna `Save`. Haka kuma sai mutum yana da asusun Google kuma yana cikinsa, abin da bai zama matsala ga masu wayar Android ba, amma ya tsayar da wasu masu iPhone da ke amfani da kalandar da ta zo da wayar.

Don waɗannan ne na ƙara hanya ta biyu. Fayil ɗin `.ics` rubutu ne tsagwaronsa da ke bin ƙa'idar iCalendar, wadda aka fara wallafawa a 1998 aka kuma sabunta ta a 2009 a takardar RFC 5545, kuma kalandar Apple da Outlook da Google duka suna karanta shi. Ga na wancan taro:

```
BEGIN:VCALENDAR
VERSION:2.0
PRODID:-//Sakatariya//Taro//HA
BEGIN:VEVENT
UID:taro-20250614@example.com
DTSTAMP:20250601T080000Z
DTSTART:20250614T153000Z
DTEND:20250614T170000Z
SUMMARY:Taron Mambobi
END:VEVENT
END:VCALENDAR
```

Ana rubuta shi a kowace manhajar rubutu mai sauƙi, a ajiye da tsarin UTF-8 don kada haruffan Hausa su lalace, sannan a tura shi ta imel ko a ɗora shi a inda za a sauke. Yana da abin da mahaɗin Google ba shi da shi, wato damar sanya tunatarwa ta hanyar sashen `VALARM`, inda `TRIGGER:-PT30M` ke nufin minti 30 kafin taro. Sai dai ba kowace kalanda ce ke bin wannan umarni ba, wasu sukan yi amfani da tunatarwar da mai wayar ya saita wa kansa. Rauninsa a wurinmu shi ne mutane suna ɗari-ɗari da fayil ɗin da ba su saba gani ba, kuma ban ga laifinsu ba ganin yadda 'yan damfara suka addabi jama'a. Doguwar adireshin Google mai cike da alamomin `%` ita ma tana tsorata wasu, shi ya sa nake bayyana a cikin saƙon abin da mahaɗin zai yi, tare da rubuta rana da lokaci ɓaro-ɓaro ga wanda ba zai latsa ba.

Iyakar da na ambata da farko ita ce abin da ya shiga kalandar mahalarci kwafi ne nasa na kansa, ba shi da sauran alaƙa da mai shirya taro. Kamar katin gayyata ne da aka riga aka raba: idan an ɗaga biki, katin da ke aljihun mutum ba zai sauya ba. Mun ga wannan lokacin da aka yi wa shugabanmu rasuwa aka ɗage wani zama da mako guda. Na tura sabon mahaɗi, amma waɗanda suka latsa shi sai suka sami taro biyu a kalandarsu, tsohon da sabon, domin mahaɗin ba ya ɗauke da lambar da za ta nuna cewa taro ɗaya ne. Waɗanda ba su ga saƙon ba kuma wayarsu ta tunatar da su a tsohuwar rana, wasu har suka kira suna tambayar me ya sa ba a buɗe ɗakin taro ba. Fayil ɗin `.ics` ya ɗan fi a nan, saboda idan aka bar `UID` yadda yake aka ƙara `SEQUENCE:1`, kalandar da ke bin ƙa'ida za ta gane gyara ne, amma duk da haka sai mutum ya sake buɗe sabon fayil da hannunsa.

Wani abu da ke tafiya tare da wannan shi ne mai shirya taro ba ya sanin wanda ya ajiye da wanda bai ajiye ba, tunda babu amsar karɓa ko ƙi da ke dawowa. Kuma duk wanda aka tura wa mahaɗin yana iya karanta abin da ke cikin `details`, saboda haka ba na sanya kalmar sirrin shiga taro a ciki idan zaman na shugabanni ne.

Ga zaman kwamitinmu na mutum kaɗan, wanda lokacinsa ke yawan motsi, na koma ga gayyata ta ainihi, wato in buɗe taron a kalandata in sanya imel ɗin kowa a gurbin baƙi, ta yadda idan na sauya lokaci zai sauya a wurinsu, in kuma ga wanda ya amsa. Mahaɗin na bar shi ga babban taron mambobi da lacca, inda ranar ta tabbata kuma ba ni da imel ɗin yawancin masu zuwa. A irin wannan taro nakan tura mahaɗin da fayil ɗin tare, ba na kuma fitar da su sai shugabanni sun tsayar da sa'a takamaimai, domin “bayan la'asar” da muka saba faɗa ba ta da gurbi a `dates`, kuma la'asar ɗin Kano ba ita ce ta Jidda ba.