Man girki ko ruwan zafi: wanne ya fi cire dankon takardar farashi?

Idan kwalba ta gilashi ce, a jiƙa ta cikin ruwan zafi da sabulu na kamar minti 20, domin zafi yana sassauta danko har takardar ta saluɓe da kanta. Sai dai dankon salatif da ya daɗe ba ya jin ruwa, kuma tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba marar kauri.

A nan ne man girki ya fi, a ganina. A ɓare takardar tukuna, a shafa mai kaɗan a kan dankon, a bar shi minti 10, sannan a murza da tsumma. Idan dankon ya fara dunƙulewa, man ya ratsa shi. Idan yana ja kamar zare, a ƙara lokaci. Daga baya a wanke maiƙon da sabulu.