Kundina mai shafi 120 ya koma fosta ɗaya: yadda aikin mai zane ya kasance

Da aka ce kowa zai gabatar da bincikensa a fosta ɗaya mai girman A0, wato santimita 84.1 a faɗi da 118.9 a tsawo, na yi gwajin kaina sau biyu. Abin da ya fito kundin ne dai aka matse shi da ƙananan haruffa. Sai na miƙa wa wani mai zanen fostocin bincike.

Abin da ya fara burge ni, bai karɓi kundin ba. Cewa ya yi in rubuto masa sakamakon a jimla ɗaya. Na yi kwana biyu ina fama kafin na samu: irin da aka jiƙa na awa goma sha biyu ya riga wanda ba a jiƙa ba tsirowa. Wannan jimlar ya ɗora ƙarƙashin take da manyan haruffa. Babin bitar ayyukan magabata, da na sha wuya a kansa, ya koma layi uku. Raina ya sosu, amma gaskiyarsa ce, ba mai tsayuwa gaban allo ya karanta wannan.

Ya raba shafin gida uku a tsaye, ana karanta kowane gida daga sama zuwa ƙasa kafin a tsallaka dama. Kanun sassan ya sa musu lamba: 1 tambaya, 2 hanyar bincike, 3 sakamako, 4 abin da aka fahimta.

A nan ne kuma ya yi tuntuɓe. A zubin farko ya shimfiɗa babban giraf ɗin ya haye gida na biyu da na uku. Ya yi kyau a ido, sai dai ya datse hanya. Na buga a takardar A4, na ba wata abokiyar karatuna wadda ba ta san aikin ba, na ce ta bi da yatsa. Tana isowa kan giraf ɗin sai yatsan ya zarce dama, ta faɗa sashe na 4 ba ta gama na 3 ba. Lambobin ba su cece ta ba, domin ido hoto yake bi kafin lamba. Da na nuna masa, ya mayar da giraf ɗin cikin gidan tsakiya kaɗai, ya ƙara sarari tsakanin gidajen.

Gwajin A4 ɗin ya amfane ni ta wata fuskar. A4 kashi ɗaya cikin huɗu ne na faɗin A0, don haka rubutu mai girman 28 yana komawa 7. Bayanin ƙasan hotuna da ya sa a 16 ya koma 4, ko da matse ido ban karanta ba, muka ɗaga shi zuwa 24.

Ƙorafina ɗaya da ya rage: garin rage kalmomi ya goge adadin irin da aka gwada daga ƙasan giraf, alhali ita ce tambayar farko da malamai ke yi. Ni na lura na mayar. Zan sake ba shi aiki, amma kowane adadi sai na bi shi da kaina kafin PDF ɗin ya tafi wurin bugawa.