Ajin koyon jan rai a bidiyo: darasin ya biya kuɗinsa, aikin tacewar ne ya ɓata mani rai

Masu ta tambayata ko ajin nan na WhatsApp na koyon jan rai a bidiyo da ake tallatawa a garin nan na Katsina ya cancanci kuɗinsa, ga amsarku gaba ɗaya, don na gaji da maimaitawa. Kun san mai ajin, kun san nawa yake karɓa, ba sai na kama suna ba. Ni babban tsarin na biya, wanda aka ce ya haɗa da darussa ta saƙon murya, da gyaran labari ɗaya, da tace maka bidiyo kashi biyu.

Darussan farko ba abin da zan ce a kansu, irin wanda kowa ya sani ne. Inda na ga amfanin kuɗina shi ne ranar da ya karɓi labarinmu ya juya shi.

Mu uku ne muke 'yan bidiyoyinmu a wajen Ƙofar Marusa, ni da abokina da ƙanwata. Labarin da muka kai mashi na wata uwar adashi ce da ta ɓoye kuɗin zubi cikin tsohon dutsen guga na gawayi, mijinta kuma bai sani ba ya sayar wa ɗan gwangwan. Mun riga mun taɓa sakin shi a TikTok a yadda muka tsara: sallama, gardamar cefane a tsakar gida, ɗan gwangwan ya zo, a yi ciniki, sai can a ƙarshe matar ta ɗora hannu a ka ta ce kuɗin mutane na ciki. Mu a ganinmu bazata ce mai zafi. Amma layin nan da TikTok ke nunawa na inda masu kallo suke tsayawa, tun ana gardamar cefane ya riga ya faɗo ƙasa. Bazatar da muke taƙama da ita kusan ba wanda ya kai gare ta.

Malamin ya kalla, ya turo saƙo gajere. Ya ce, "Ɗan'uwa, mijin ya kamata ka ɓoye wa maganar kuɗin nan, sai ka je ka ɓoye wa mai kallo. Wanda bai san akwai kuɗi a dutsen ba, me zai sa gabansa ya faɗi don an ɗora shi a sikeli?"

Ga yadda ya sake jera shi, a sakan 75. Sakan 3 na farko babu fuska, babu sallama. Hannun mace kawai, ta ture ɗan zakaran nan na saman murfi, ta buɗe dutsen, ta cusa 'yan dubu-dubu naɗe da roba, ta rufe. Daga nan wayarta ta yi ƙara, mai ɗaukar adashi ce, ta ce, "Maman yara, ina nan tafe bayan la'asar." Ya ce wannan kiran shi ne agogon labarin. In ba ka sa wa matsala lokaci ba, mai kallo ya san ana iya warware ta gobe ko jibi, shi ma sai ya tafi abinsa. Wajen sakan 15 matar ta shiga maƙwabta, sai ga muryar ɗan gwangwan daga waje.

Cinikin da muke gaggautawa a da, shi ya ce a ja shi. Mijin ya fito da tsohuwar fanka, da murfin tukunya, ya tsaya yana waige-waige, idonsa ya wuce ta kan dutsen, ya koma ciki, sannan ya dawo ya ɗauka. Ɗan gwangwan ya rataya a sikeli, ya ɗan jijjiga shi kusa da kunne. Wallahi ni da na rubuta labarin sai da na ji wani iri a wajen jijjigawar nan. Duk wannan bai wuce sakan 20 ba, kuma ba a faɗi wata magana mai muhimmanci ba, sanin da mai kallo ya yi ne kawai yake aiki. Ya kuma sa a nuna mijin yana shafa aljihun gaban rigarsa bayan ɗan gwangwan ya tura kurarsa, sakan ɗaya tak, ba tare da an matso da kamara ba. A lokacin ban gane dalili ba.

Sai maganar inda za a yanke kashi na farko, wadda ita ce ta kai ni ajin tun farko. Ni na ce a yanke lokacin da matar ta dawo ta ga babu dutsen. Ya ce a'a, mai kallo ya riga ya san haka tun ɗazu, ba ka ba shi komai ba. Abokina ya ce to a yanke daidai ta cim ma ɗan gwangwan ta kai hannu za ta buɗe murfin. Nan ma ya ƙi. Ya ce wannan shi ne yankan da kowa ke yi, kuma shi ke sa a zage ka, domin mutum ya ba ka minti guda na ransa da datarsa a kan tambaya ɗaya, ko za ta samu kuɗin, ka sallame shi hannu rabbana. Abin da ya sa muka yi shi ne a bar ta ta buɗe. Dutsen wayam, sai tsohuwar toka. Ta cakumi ɗan gwangwan, shi kuma ya ce, "Hajiya, ai maigidan sai da ya buɗe kafin ya miƙo mani." Kamara ta tsaya a fuskarta, kiran sallar la'asar ya tashi, allo ya yi baƙi.

Kun ga an biya mai kallo bashinsa, ya san kuɗin ba sa cikin dutsen. Amma an ɗora mashi wata tambayar da ta fi ta farko nauyi, kuma wanda ya lura da shafa aljihun nan zai koma ya sake kallo don ya tabbatar. Ranar da na ji wannan bayanin, da an ce in ƙara kuɗi da na ƙara. Har a guruf na rubuta cewa ban taɓa kashe kuɗi a kan harkar nan da ya yi albarka kamar wannan ba.

To, sai aka zo aikin tacewa.

Mun ɗauki kashi biyun a yini ɗaya, kamar yadda shi da kansa ya koyar, don kada haske ko kaya su bambanta, muka tura mashi. Kashi na farko ya dawo da wuri, kuma ya yi kyau, sai dai ya manna wani rubutu ja ƙato a sakan 60, wai a bi shafinmu domin ganin kashi na biyu. Na ce, "Malam, wannan ba zai tona mana asiri ba?" Ya ce haka manya suke yi. Na sake shi a haka. Da na duba layin masu kallo washegari, abin ya fito fili. Ya sauko kaɗan a farko kamar yadda kowane bidiyo ke yi, ya miƙe sosai duk tsawon cinikin, abin da ban taɓa gani ba a shafinmu, sai kuma ya yi wani gangare daidai wurin jan rubutun. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da mutum ya ga an ce akwai kashi na biyu, ya ɗauka ba za a ba shi komai ba a nan, sai ya wuce. Maganar ɗan gwangwan tana sakan 70. Wato jimlar da aka gina komai dominta, rubutun nan ya kore mata mutane saura sakan 10. Da a kan baƙin allon ƙarshe ya sa shi, ba abin da zai rage.

Duk da haka waɗanda suka kai ƙarshe sun kamu. Yadda na gane shi ne ba "ina ci gaba" kawai suke rubutawa ba, gardama suke yi. Wasu na cewa ɗan gwangwan ƙarya yake, wasu na cewa a koma a duba aljihun mijin, wata baiwar Allah ma ta ce ita dama ba ta yarda da mazan Katsina ba. In mutane suna musu a kan abin da zai faru, labarin ya shiga. Mun kuma rubuta a ƙasa cewa gobe bayan isha'i za a ga ƙarshe, bisa alƙawarin da ya yi mamu.

Gobe ta zo, shiru. Na kira, ya ce babu wuta. Na sake kira, ya ce yana hanyar Kano. Daga nan sai saƙona ya riƙa nuna an karanta, ba amsa. A guruf kuwa yana nan yana tallar sabon aji. Kafin kashi na biyu ya iso hannuna mako ya zagayo, masu gardama sun watse, waɗanda suka rage sun koma cewa mun yaudare su. Ƙanwata har a gidan biki aka tare ta ana tambayar ina kuɗin adashi. Mutumin da ya koya mana cewa ɗokin mai kallo ba ya kwana biyu, shi ya bar namu ya huce.

Abin da ya turo ɗin ma ya fi jinkirin ɓata mani rai. Sakan 20 na farko maimaicin kashi na ɗaya ne, da kiɗa mai tada hankali. Sannan ya yanke bidiyon daidai matar ta tsaya gaban mijin ta ce, "Malam, ina kuɗin mutane?", ya rubuta a jira kashi na uku. Kashi na uku daga ina? Labarin kashi biyu ne. Amsar mijin tana nan cikin abin da muka tura: ya ga kuɗin, ya ɗauka nata ne take ɓoyewa tana ce mashi babu, ya je ya ba da kafin alƙalami na buhun shinkafa, ga mai adashi kuma tana sallama a zaure. Ya cire wannan ne don a samu abin ja. Yankan da ya hana abokina yi da bakinsa, shi ya yi mamu.

Na zauna da manhajar tace bidiyo ta CapCut na gyara da kaina. Maimaicin na mayar da shi sakan 3, maganar ɗan gwangwan kawai da fuskar matar, don wanda bai ga na farko ba ya kama zaren. Amsar mijin ta zo kafin sakan 15, sauran lokacin ya tafi a kan yadda za su fita kunyar matar da ke zaure. Na sake shi a matsayin amsar bidiyo ga ɗaya daga cikin masu gardamar, na kuma maƙala kashi biyun a saman shafi kusa da juna. Waɗanda suka kalla sun kai ƙarshe, ba wanda ya yi zagi, amma yawansu bai kama ƙafar na farko ba, kuma na san da a daren da muka yi alƙawari ya fita da ba haka ba.

Saboda haka in za ku shiga, ku biya ƙaramin tsarin, ku kai mashi labarinku ya gyara, don a nan kam ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tacewa ku yi da kanku ko ku ba yaron unguwarku da za ku iya buga wa ƙofa. Kuma kada ku saki kashi na ɗaya sai na biyu yana cikin wayarku a gama. Na nemi ya maido mani kuɗin tace kashi na biyun, ya ce sai dai ya sa ni a sabon aji kyauta. Na ce mashi kuɗina nake so, har yanzu ina jira.