Sharhi: An cire min naman da ya tsiro a ido, an yi dashen tantani a gurbinsa

Aikina na waje ne, cikin rana da iska da ƙura, kuma shekaru da dama ina ɗauke da wani nama ja-ja a idona na dama. Ya faro daga kusurwar da ke kusa da hanci, yana da faɗi a gindi da tsini a gaba, kuma a hankali tsinin ya haura kan baƙin ido. Likitoci suna kiransa terijiyam. Yanzu an fi shekara da cire shi, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na samu da abin da ban samu ba daga aikin.

Kafin a kai ga tiyata na daɗe a kan maganin ɗigawa. Mai jiƙa ido ya rage min jin kamar tsakuwa ta faɗa ciki, mai sitiroyid kuwa yana kwantar da ja cikin sauri. Amma babu ɗaya da ya rage girman naman, kuma likitar da ta duba ni ba ta ɓoye min ba: babu ɗigon da ke narkar da shi. Ta kuma ja kunnena a kan mai sitiroyid ɗin, domin idan aka daɗe ana amfani da shi ba tare da sa ido ba yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Wannan gargaɗin ya kamata ya isa kunnen duk mai sayen maganin jan ido da kansa.

Abin da ya sa aka yanke shawarar yin aiki ba muni ba ne. Gani ne ya fara lalacewa. Naman bai rufe tsakiyar ido ba tukuna, amma yana jan garai-garan fatar da ke saman baƙin ido, yana sauya mata siffa. Sakamakon haka rubutu ya riƙa yi min inuwa, fitilun mota da dare suna yin jela, tabarau kuma ya daina gyara min gani yadda ya saba. Likitar ta auna nisan da naman ya ci a cikin baƙin ido, ta kwatanta da awon baya, ta ga yana ci gaba. Ta ce da ƙarami ne kuma a tsaye yake wuri ɗaya, da ta bar shi, domin ba kowane irin wannan nama ake taɓawa ba.

Nan ne zan daɗe, domin nan ne amfanin wannan sharhi yake. Cirewa ba iri ɗaya ba ce. Tsohuwar hanya ita ce a kankare naman a bar farin ido tsirara ya warke da kansa. Tana da sauri da sauƙi, amma naman yana yawan dawowa, kuma wanda ya dawo yakan fi na farko kauri da saurin yaɗuwa, cire shi kuma ya fi wuya. Hanyar da aka yi min ita ce, bayan an cire naman, sai a yanko siririn tantani mai lafiya daga saman farin idon, wurin da fatar ido ta sama take rufewa, wanda rana ba ta cika taɓa shi ba, a shimfiɗa shi a gurbin. Wannan dashe yana rage dawowar naman ƙwarai, ko da yake ba ya hana ta gaba ɗaya. Ana liƙa shi da ɗinki ko da wani gam da ake haɗawa daga sinadaran da ke daskarar da jini. Ni ɗinki aka yi min. Duk wanda aka ce za a cire masa wannan nama, ya tambaya tun farko: za a yi dashe ko za a bar wurin haka? Idan an ce ba za a yi ba, ya nemi dalili.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba, kuma ina farke aka yi shi. An kashe zafin wurin da ɗigo da ƙaramar allura, an sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Na ji ana taɓawa, na ga haske mai ƙarfi, amma ban ji ciwo ba. A ranar na koma gida da bandeji.

Wahalar bayan aiki ce. Da maganin kashe zafin ya sake ni, idon ya ɗauki raɗaɗi da hawaye, haske kuma ya zame min abin gudu. Dalili shi ne an kankare saman baƙin ido, wurin kuwa cike yake da jijiyoyin jin zafi. Cikin 'yan kwanaki fatar ta rufe, raɗaɗin ya tafi. Sai ya rage zaren ɗinki, wanda nake ji duk lokacin da na ƙifta ido, har ranar da aka cire shi. A nan nake da ƙorafi ɗaya a kan asibitin: ba a yi min cikakken bayanin kamannin da idon zai yi ba. Makonnin farko ya yi ja fiye da kafin aiki, dashen ya kumbura ya yi ruwan ɗorawa, har na zaci ya lalace. Ashe haka yakan yi kafin jini ya fara ratsa shi. Jimla biyu daga bakin ma'aikaciyar jinya da sun raba ni da wannan fargaba. Abin da ya kamata ya tayar da hankali daban ne: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kwantsa mai yawa kamar mugunya, gani ya ragu farat ɗaya, ko a ga dashen ya zame daga wurinsa. Wannan ba a jiran ranar komawa asibiti.

An ɗora ni a kan ɗigon kashe ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci, da mai sitiroyid na makonni, ana rage shi a hankali, kuma duk zuwa sai an auna ƙarfin matsin idon. Ban ga wannan a matsayin ɓata lokaci ba, domin kumburin da ba a danne ba shi ke buɗe wa naman hanyar dawowa. An kuma tura abin da aka cire ɗakin gwaji, saboda akwai wani tsiro mai haɗari da kan yi kama da shi. Sakamakona ya fito lafiya.

Inuwar da ke kan rubutu ta ragu sosai, kuma bayan idon ya daidaita an sake auna min tabarau. Farin idon ya koma fari. Akwai ɗan tabo mai kamar hazo a gefen baƙin ido, inda tsinin naman ya zauna, kuma an ce min da wuya ya ɓace. Ba ya tare min gani, amma da naman ya kai tsakiya kafin a cire shi, tabon ma a tsakiya zai zauna. Don haka ban yarda da masu cewa a jira sai ya rufe ido ba.

Idan zai dawo, yawanci a cikin shekarar farko yake dawowa, kuma ya fi dawowa ga masu ƙarancin shekaru. Alamarsa ita ce siraran jajayen jijiyoyi su sake miƙowa daga gefen dashen su haura baƙin ido. Nawa bai dawo ba, amma rana da ƙurar da suka haifar da shi suna nan, kuma idon hagu ma yana da ɗan ƙullutu mai ruwan ɗorawa a farinsa da ake lura da shi. Yanzu ba na fita sai da hula mai faɗin baki da tabarau mai ɗauke da alamar UV400, wadda ke nuna yana tare hasken rana mai cutar da ido, irin wanda ya lanƙwaso ya rufe gefe. Rufin gefen yana da dalili: hasken da ya shigo ta wajen kunne yakan ratsa baƙin ido ya taru a ɓangaren hanci, daidai inda naman ya fi tsirowa. Duhun gilashi kaɗai ba ya nuna yana tare hasken rana mai cutarwa, sai an duba alamar.