Zif ɗin rigar amarya da telan garinmu

Yaya, kin ce in ba ki labarin kaya a nan Birmingham, ko da gaske ne tufafi sun fi araha. Kayan kanti da aka ɗinka a masana'anta suna da sauƙi, musamman ƙarshen hunturu in ana karya farashi, kuma idan kin saya bai yi miki ba, kantuna da yawa za su karɓa su ba ki kuɗinki muddin rasit na hannunki kuma ba ki cire takardar jikin rigar ba. Aikin hannu ne ke da tsada. Duk abin da mutum zai zauna ya taɓa da yatsunsa, lokacinsa ake biya, kuma lokacin nan ba shi da arha.

Wata maƙwabciyata 'yar Sudan za ta aurar da 'yarta, zif ɗin rigar ya cije ana gwaji. Na raka ta shagon masu gyaran kaya. Matar da ke wurin ta karɓe mu da fara'a, ta duba, ta ce ba sa gyara zif, cirewa suke yi su sa sabo, a dawo bayan mako guda. Kuɗin da ta faɗa zai ɗinka miki atamfa fiye da ɗaya a Daura. Ban ga laifinta ba, don kuwa ranar da ta faɗa ranar aka karɓa, aikin kuma tsaf, abin da telolinmu da yawa ba sa iyawa in Sallah ta matso. Sai dai ko juya rigar ba ta yi ba ta ga me ya riƙe zif ɗin. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, don na taɓa ganin wanda ya juya.

Ke kina Katsina wajen haihuwa lokacin bikin Auta, ba ki ga wannan ba. Rigar da za ta sa ranar kamu daga Kano aka ɗinko ta, farin leshi mai duwatsu, da shafi mai santsi a ciki, da ɓoyayyen zif a baya, irin wanda in an ja ba a ganin haƙoransa sai ɗan mariƙin kawai. Bayan la'asar aka sa mata, ƙawarta ta ja zif ɗin, ya hau lafiya har ƙugu, ya tsaya cak. Ya ƙi sama, ya ƙi ƙasa. Mata suka taru, wannan ta ja, waccan ta ja, wata ta ce a kawo man gyaɗa, Gwaggo kuma ta riga ta ɗauko reza tana cewa a farke a ɗinke a jikinta. Amarya sai hawaye, kwalliya na neman lalacewa. Inna ce ta tura yaro ya kira Baba tela, wanda ke zama da tsohon kekensa a rumfar bakin masallaci.

Ya yi sallama daga zaure, aka lulluɓa wa Auta mayafi aka bar wurin zif ɗin kaɗai, sannan ya shigo. Abin da ya zo da shi allura ce, da ɗan almakashi, da guntun kyandir. Maganarsa ta farko ita ce, “Kowa ya cire hannunsa. 'Yata, saki numfashi, kar ki ƙanƙame jiki.” Ya ce Gwaggo ta riƙe bakin rigar biyu daga sama ta haɗa su, don nauyin rigar ya bar kan zif ɗin. Sannan ya ɗaga gefen ya leƙa ta ciki.

Shafin ne ya shiga. Kan zif yana da 'yar hanya ta kowane gefe inda haƙora ke bi su haɗu, kuma tsakaninta da ƙyallen zif ɗin akwai ɗan sarari. Yadi mai kauri ba ya shiga wurin, amma shafi mai laushi yana shiga, kuma duk jan da aka yi sama ƙara cusa shi ake yi. Ga shi a ƙugu ne, inda ɗinkin sama da na ƙasa suka haɗu yadi ya ninku, nan ne kuma rigar ta fi matsewa. Shi ya sa yawancin zif ɗin rigunan mata a nan suke cijewa. Baba ya nuna wa Gwaggo yadda ake ganewa: in shafi ne, za ki ga yadin ya tattare yana bin kan zif ɗin ta gefe guda. In haƙori ne ya lanƙwashe, yadin zai kwanta lafiya amma zif ɗin ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya kullum. In kuma yana hawa amma yana buɗewa ta baya, bakin kan ne ya saki, wannan a matse shi kaɗan da filaya, a hankali, don na ɓoyayyen zif ƙarami ne, yana karyewa.

Bai ja mariƙin ba sam da farko. Ya kama shafin da yatsu biyu dab da inda ya shige, ya miƙar da shi gefe, ya sa gindin allura, wajen kafar, yana tura yadin waje kaɗan kaɗan. Tsinin zai huda shafin ya ja zare, shi ya sa ya juya ta. In ya ɗan samu sarari sai ya mayar da kan zif ɗin ƙasa kamar faɗin ƙwayar gero, ya sake miƙar da yadin. Haka ya yi ta yi, ana ta kiɗa a waje, mata na leƙowa suna cewa an makara, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Da mai man gyaɗa ta sake magana, ya ce mata mai a farin leshi ba ya fita, fensir ma da ake gogawa a zif ɗin ƙarfe baƙi zai bari. Can sai shafin ya zame ya fito, da ɗan baƙin layi a jiki amma bai yage ba.

Ni na zaci an gama, shi kuwa bai yarda a ja ba tukuna. Ya sauke zif ɗin har ƙasa, ya goga kyandir sama-sama a haƙoran, ya kaɗe ɓurɓushin. Ya zare farin zare ya kama shafin da 'yan ɗinki ƙanana a ƙugu, ya janye shi daga bakin haƙoran, don telan Kano ya ɗinka shi dab da su, kuma in an bar shi haka zai sake shiga kafin dare. Ya datse wani zare da ke lilo a wurin. Sannan ya ce a fara maƙala 'yar ƙugiyar da ke wuyan rigar, Gwaggo ta haɗa bakin biyu a ƙugu, ya sa yatsa ta ciki yana kare shafin, ya ja a miƙe, ba da fizga ba. Ya hau har wuya. Inna ta miƙa masa kuɗi, ya ce bikin 'yarsa ne, da ƙyar ya karɓi goro da kwanon alkaki.

Abin da na ga sun fi mu a nan shi ne kayan aikin kansu. Zif mai kyau, irin na kamfanin YKK na Japan, ana samunsa cikin sauƙi, kowanne da tsawonsa a rubuce. A kasuwanninmu na gida mai kyau da marar kyau a haɗe suke, kuma sau da yawa mai arha tela yake saye don mai kaya ta matse kuɗin ɗinki. Riga mai duwatsu tana da nauyi, siririn zif marar ƙwari ba ya ɗaukarta.

Tunda bikin 'yarki bayan Babbar Sallah ne, zan ba mai zuwa Daura zif farare da masu ruwan zinariya, dogaye, tela ya rage daidai rigar. Ki ce masa ya bar sarari tsakanin shafi da haƙora, ya sa ƙugiya a sama, kada kuma ya matse ƙugun har sai ta riƙe numfashi. A gwada rigar kwana biyu kafin kamu, ta zauna ta tashi a cikinta. In Baba na nan da ƙarfinsa, a kai masa ya duba, ki gaishe mini da shi da kyau.