Gargaɗi ga masu sayen injin wanki: garantin baki ba garanti ba ne

Jama'a, a yi hattara da wani salon cuta da wasu masu shagon kayan lantarki ke yi. Za a sayar maka da sabon injin wanki a ce yana da garantin shekara ɗaya, amma rasit ɗin da za a ba ka babu lambar injin a jiki, katin garantin kuma ba hatimi ba kwanan wata. Haka aka yi wa yayata a Kano. Injin bai yi wata biyu ba ɓangaren matse kaya ya daina juyawa, sai ƙugi kawai yake yi.

Da ta kai kuka, sai suka turo wani yaro wai mai gyaransu ne. Ya kwance bayan injin, ya leƙa, ya ce wutar NEPA ce ta ƙona shi. Da aka koma shagon, sai mai shagon ya ce: "Hajiya, ai an riga an buɗe shi, kamfani ba zai karɓa ba." Su suka buɗe, su kuma suka kafa hujja da buɗewar. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Kada ka bari kowa ya sa sukundireba a jikin injin sai da takardar shagon. Ka rubuta wasiƙa kwafi biyu, ka haɗa da hoton rasit da na lambar da ke manne a bayan injin, su sa hannu a kwafinka. Ga irin wadda muka rubuta:

"Zuwa ga Manaja. Na sayi injin wanki a shagonku, ga kwafin rasit da lambar injin. Ɓangaren matsewa ya daina aiki alhali garanti bai ƙare ba. Ma'aikacinku ne kaɗai ya taɓa buɗe shi. Ina neman ku gyara shi a kan kuɗinku, ko ku canza min wani, ko ku mayar min da kuɗina cikin kwana 14. In ba haka ba zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC."

Ba barazanar banza ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da matsala cikin wata 3 da karɓarsu, kuma ɗawainiyar a kan mai sayarwa take. Wata ukun nan su suke so su cinye maka da "dawo gobe, Alhaji ya yi tafiya", shi ya sa kwanan watan da ke kan wasiƙar yake da nauyi.

In sun ƙi sa hannu, ka je da shaida, sannan ka tura hoton wasiƙar ta WhatsApp zuwa lambar da ke kan rasit ɗinsu, ka adana saƙon.